Farin shafin da ya ƙi gogewa a ƙarshen takarda

Takarda ta kammala. Shafi ɗaya aka yi niyya, an kuma tsara tebur ya cika shi daga sama har ƙasa, kamar yadda ake tsara takardar sakamakon jarrabawa, ko jadawalin albashi, ko takardar tarihin karatu da aiki ta mai neman aiki. Sai aka kalli kusurwar hagu ta ƙasan allon Microsoft Word, aka ga an rubuta Page 1 of 2. Aka gangara shafi na biyun, babu ko ɗigo a cikinsa. Aka danna Delete, shiru. Aka danna Backspace har yatsa ya gaji, shafin yana nan daram. Idan a shagon buga takardu ne, firinta za ta zaro farar takarda ta biyu ta tofar, mai shago da kwastoma su tsaya musun ko za a biya kuɗinta.

Masu aikin kwamfuta da yawa sun ɗauka wannan wata cuta ce da ta kama fayil, har akwai masu sake buga takardar daga farko. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Shafin nan da ido yake gani fari ba fanko ba ne, akwai abu ɗaya zaune a cikinsa, kuma an ƙera Word ne ta yadda ba za ta taɓa yarda a goge abin ba. Don haka duk ƙarfin da za a sa wajen gogewa asara ne. Aikin da ke gaban mutum shi ne ya ga abin da idonsa, sannan ya sama masa wurin zama a shafin da ya gabata.

Kafin a taɓa komai, a kunna alamomin da Word take ɓoyewa. A ƙarƙashin Home, cikin rukunin Paragraph, akwai maɓalli mai ɗauke da wannan alama: ¶. A danna shi, ko a haɗa Ctrl+Shift+8 a kibod. Masu kwamfutar Mac su danna Command+8. 'Yan'uwa na Nijar da Chadi da Kamaru masu aiki da Word ta Faransanci za su sami maɓallin a ƙarƙashin Accueil, da wannan alamar dai. Nan take takardar za ta cika da abubuwan da ba a gani a da: ƙaramin ɗigo a tsakanin kowace kalma da 'yar'uwarta, 'yar kibiya a duk inda aka danna Tab, alamar ¤ a ƙarshen kowane gidan tebur, da ¶ a duk inda aka danna Enter. Babu ɗaya daga cikinsu da yake fita a firinta, saboda haka kada a tsorata. Daga nan a danna Ctrl+End, wanda zai kai mutum can ƙarshen takardar, a dubi abin da ke saman farin shafin.

Idan jerin ¶ aka gani, biyar ko goma, ɗaya bisa ɗaya, to an yi sa'a. Wani ne ya yi ta danna Enter don ya tura rubutu ƙasa, kuma Backspace zai share su. Haka idan aka ga layi mai ɗigo-ɗigo an rubuta Page Break a tsakiyarsa, wanda Ctrl+Enter ke haifarwa: a ajiye alamar rubutu, wato 'yar sandar nan mai ƙiftawa, a gabansa, a danna Delete. Waɗannan ba su da wuya, kuma ba su ne suka sa na ɗauki alƙalami ba. Mai taurin kan shi ne ¶ guda ɗaya tilo, zaune a saman shafin ƙarshe, shafin da ke gabansa kuma ya ƙare da tebur.

A wurin Word, alamar ¶ ba ado ba ce. Harafi ce kamar sauran haruffa, tana da nata girman, tana kuma cin wuri a kan shafi ko da babu kalma ɗaya a gabanta. A jikinta ake ajiye tsarin sakin layin da ta rufe: ko a tsakiya yake ko a gefe, tazarar da ke tsakanin layukansa, da filin da za a bari a samansa da ƙasansa. Ta ƙarshen takarda kuwa kayanta sun fi na kowa nauyi, domin ita ke riƙe da tsarin sashen ƙarshe baki ɗaya: girman takarda, faɗin gefuna, ko a tsaye takardar take ko a kwance, da rubutun kai da na gindin shafi. Kamar ƙullin bakin buhu take, in aka kwance shi babu abin da zai riƙe hatsin. Shi ya sa ko sabuwar takarda aka buɗe, wadda ba a rubuta komai a ciki ba, za a tarar da ¶ guda tana jira, kuma ba ta goguwa. Tsofaffin hannu a aikin ma sun san dabarar ceto fayil ɗin da ya rikice: a kwafe komai ban da wannan alama ta ƙarshe, a zuba a sabuwar takarda, don sau da yawa rikicin a jikinta yake.

A takardar da ta ƙare da rubutu zalla, ba a jin nauyin alamar, saboda tana manne a wutsiyar jimlar ƙarshe, layi ɗaya suke rabawa. Tebur ne ba ya yarda da wannan zama. Kowane gida nasa yana da tasa alamar ¤, alamar ƙarshen takarda kuma ba ta iya shiga cikin gidan tebur ta zauna. Dole ta sauko ƙarƙashinsa ta kama layi nata na kanta. Word tana ajiye sakin layi a bayan kowane tebur, a tsakiyar takarda ne ko a ƙarshenta. Wanda yake son ya ga amfanin hakan ya jera tebur biyu, ya goge ¶ ɗin da ke tsakaninsu: nan take za su haɗe su zama tebur ɗaya. Na tsakiya dai ana iya goge shi, na ƙarshe ne ba shi da magaji. To idan tebur ya sauko har ya kusa taɓa gefen ƙasa, layin alamar ya rasa inda zai tsaya, sai Word ta buɗe masa sabon shafi shi kaɗai.

Abin zai fi fitowa fili da lissafi. A ce malamin makarantar sakandare yana tsara takardar sakamakon ɗalibi a kan A4. Tsawon A4 santimita 29.7 ne. Word takan bar santimita 2.54 a sama, 2.54 a ƙasa, don haka filin rubutu ya zama santimita 24.62. Sunan makaranta da tambarinta da sunan ɗalibi da ajinsa sun ci, a ce, santimita 4.3. Sai tebur mai sahu 25, na darussa da jimla da bayanin malami da wurin sa hannu, kowane sahu santimita 0.8, jimla santimita 20. Abin da ya rage a ƙasa kusan santimita 0.3 ne. A ido tebur ya zauna daidai, har da ɗan rara.

Alamar ƙarshe fa, nawa take nema? Idan rubutun Calibri ne mai girman 11, wanda Word ta mayar da shi na yau da kullum a fitowar 2007, da tazarar layi 1.08 da ta zo da fitowar 2013, layi ɗaya yana cin kusan 14.5 pt, wato rabin santimita. Akwai 0.3, ana neman 0.5. Milimita biyu kacal suka hana ruwa gudu, su ne suka jawo shafi sukutum. Ɗaliban jami'a masu buga kundin bincikensu da Times New Roman 12 da tazarar Double sun fi shiga wannan tarko, don a wurinsu layin da babu komai a kansa yana neman kusan santimita guda cur.

Da an gane haka, hanya biyu ce ta rage: a ƙanƙantar da alamar har ta shiga ɗan filin da ya rage, ko a faɗaɗa filin.

Ƙanƙantarwar ce aka fi yi, kuma ita Microsoft da kanta take ba da shawara a shafinta na taimako. A haskaka alamar ¶ ɗin ita kaɗai. A je akwatin girman rubutu, a rubuta 1 da hannu, a danna Enter. Na ce da hannu domin jerin da ke saukowa daga akwatin a 8 ya tsaya, shi ya sa mutane ke zaton babu abin da ya fi 8 ƙanƙanta. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, shafin ya ɓace. Idan bai ɓace ba, tazarar sakin layin ce take riƙe da shi. A danna maɓallin dama na maus a kan alamar, a zaɓi Paragraph, a mayar da Before da After su koma 0, a sauya Line spacing zuwa Exactly, a rubuta 1 pt a akwatin At. Wannan mataki na biyu yana da muhimmanci musamman a takardun da aka ƙayyade tazarar layinsu tun farko: in an ce kowane layi Exactly 18 pt ne, ko an mayar da harafi ƙwayar gero, layin zai ci 18 ɗinsa. Bayan gyaran, alamar tana neman abin da bai kai rabin milimita ba, kuma da wuya a sami teburin da bai bar wannan ba.

Dabarar tana da wutsiya. Wata rana wani zai buɗe fayil ɗin yana son ƙara bayani a ƙarƙashin tebur, ya yi ta bugawa bai ga komai ba, ya ce kibod ya lalace. Rubutun yana nan, girmansa ne 1. Maganinsa a haskaka wurin a danna Ctrl+Space, wanda ke mayar da harafi yadda yake tun asali, sannan Ctrl+Q, wanda ke mayar da tsarin sakin layi. Duk takardar da za ta riƙa yawo tsakanin ma'aikatan ofis, ya kamata wanda ya yi dabarar ya faɗa wa na bayansa.

Akwai kuma masu ɓoye alamar ɗungum. Ana haskaka ta, a danna Ctrl+D, a sa alama a akwatin Hidden, wanda masu Faransanci za su gani a matsayin Masqué a ƙarƙashin Police. Tana aiki, sai dai ta ruɗa mutane ba kaɗan ba. Muddin maɓallin ¶ yana kunne, Word tana nuna duk abin da aka ɓoye, don haka farin shafin zai ci gaba da zama a allo, mutum ya ce dabarar ƙarya ce. Sai an kashe maɓallin shafin ke tafiya. Sannan a cikin File, Options, Display akwai akwati mai suna Print hidden text. Idan an kunna shi a kwamfutar da za a buga takardar da ita, farar takardar za ta sake fitowa. Wannan saitin na kwamfuta ne, ba ya bin fayil, kuma ba ka da iko da saitin kwamfutar mai shago. Ni dai ba na ɗora takarda mai muhimmanci a kan wannan hanya.

Hanyar da na fi so ita ce faɗaɗa filin, domin ba ta binne wa kowa tarko. Mu koma ga malaminmu. Milimita biyu yake nema, yana kuma da sahu 25. Ya haskaka teburin duka, ya danna dama, ya shiga Table Properties, sannan Row, ya mayar da Specify height daga 0.8 zuwa 0.78. Kowane sahu ya rage kashi biyu cikin ɗari na santimita, abin da ido ba zai taɓa kamawa ba, amma a sahu 25 ya tara rabin santimita. Alamar ta sami wuri da girmanta na asali, har da saura. Abin lura shi ne akwatin da ke gefe, Row height is. Idan At least aka zaɓa kuma rubutun cikin gidajen ne ya cika sahun, rage lambar ba zai motsa komai ba, sai an rage tazarar da ke bayan rubutun cikin gidajen. Idan aka zaɓi Exactly, sahun zai bi umarni, amma in an matse shi da yawa zai datse ƙasan haruffa.

Ana iya samo filin daga gefen ƙasa: Layout, Margins, Custom Margins, a rage Bottom daga 2.54 zuwa 2.2 ko 2. Sai dai in jami'a ko ma'aikata ta ƙayyade faɗin gefe, ko kuma akwai dogon rubutu a gindin shafi, wanda kan tura filin rubutu sama ko an rage lambar. Wani lokaci kuma filin yana can sama an yi watsi da shi: ¶ guda da aka bari tsakanin sunan makaranta da tebur ta isa ta biya bashin duka.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, wanda nake duba shi kafin komai. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke shigowa kasuwanninmu, musamman na hannu, suna zuwa da saitin Amurka, inda Word take buɗe sabuwar takarda a kan Letter. Mu kuwa A4 muke saye a rim. Tsawon Letter santimita 27.94 ne, ya gaza A4 da kusan 1.8, filin layi uku ke nan na rubutun yau da kullum. Mutum yana ta kokawa da milimita biyu alhali ya bar santimita kusan biyu a banza. A duba Layout, Size. In Letter aka gani, a mayar A4, galibi farin shafin zai tafi da kansa. A sake duba teburin bayan haka, don A4 ta fi Letter matsewa a faɗi da kusan milimita shida, kuma wata doguwar kalma tana iya karyowa ta ƙara wa sahu tsawo.

Inda abin ke zama asarar gaske shi ne Mail Merge. Malamin da ya tsara takarda ɗaya ya haɗa ta da jerin sunaye a Excel, in bai lura da farin shafin ba, kowane ɗalibi zai fito da nasa. Aji mai ɗalibi 60 ya zama shafi 120, rabi fari. Bin su ɗaya-ɗaya ana gyara aikin wahala ne. A uwar takardar ake gyara, sannan a sake danna Finish & Merge.

Saura wanda ya fi duka haɗari, saboda shi yana goguwa, kuma gogewar ce ke ɓarna. Wani lokaci abin da za a gani a ƙarƙashin tebur layi ne mai ɗigo biyu-biyu, an rubuta Section Break (Next Page) a tsakiya, sannan ¶ a farin shafin da ke biye. Idan bai fito sosai ba, a shiga View a zaɓi Draft, a can ya fi bayyana. An fi haɗuwa da shi a kundin ɗalibai da rahoton ofis, inda aka kwantar da shafin ƙarshe don faffaɗan tebur ya samu shiga. Wannan layin yana yi wa sashen da ke samansa irin aikin da ¶ ta ƙarshe take yi wa sashen ƙarshe, wato shi ke riƙe da tsarinsa. Da an goge shi, sashen sama ya rasa nasa, sai ya ɗauki na sashen ƙasa. Teburin da ke kwance ya miƙe tsaye, gefensa na dama ya fice daga takarda, wani lokaci lambar shafi da rubutun kai su sauya. Wanda hakan ta same shi ya danna Ctrl+Z tun bai yi nisa ba.

Idan sassan biyu tsarinsu ɗaya ne, ba sai an goge ba. A ajiye alamar rubutu a farin shafin, a buɗe Page Setup, a shiga Layout, a sauya Section start daga New page zuwa Continuous, sai ¶ ɗin ta hau shafin teburin in akwai wuri. Idan kuwa ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, Continuous ba zai yi komai ba, don shafi ɗaya ba ya zama a kwance da a tsaye lokaci guda. A nan sai a fara sa farin shafin ya yi kama da na teburin: a mayar da shi Landscape, a daidaita lambobin gefunansa da na sama, a tabbata Link to Previous yana kunne a rubutun kai da na gindi. Bayan haka a goge layin, domin tsarin da sashen sama zai gada ya zama irin nasa. In har ¶ ɗin ta sake tsallakawa sabon shafi, an dawo kan matsalar farko ke nan, a ƙanƙantar da ita ko a sama mata fili.

Wani lokaci kuma akwai fili fal a ƙarƙashin tebur, babu Section Break, amma alamar ta ƙi hawa. A buɗe Paragraph, a shiga Line and Page Breaks, a duba ko an sa alama a Page break before. Yakan biyo rubutun da aka kwafo daga wata takarda, kuma idan alamomin ɓoye suna kunne, ɗan baƙin murabba'i a gefen hagu na layin yakan tona shi.

Gyaran da ya zauna a kwamfutarka ba lallai ya zauna a ta wani ba. Idan kwamfutar da aka kai fayil ɗin ba ta da irin rubutun da ka yi amfani da shi, za ta musanya da wani, layuka su ɗan ƙara tsawo, milimita biyun nan su dawo. Haka in an buɗe shi a waya da wata manhaja irin WPS Office. Aptos, wanda Microsoft ta sanar a 2023 a matsayin magajin Calibri, yana cikin masu jawo haka, don tsofaffin Word ba su zo da shi ba. Saboda haka kada a bar tebur yana numfashi a kan iyaka, a bar masa rarar rabin santimita ko fiye. Takardar da za a aika wa ma'aikata ko a kai shago kuwa, a mayar da ita PDF daga kwamfutar da aka tsara ta, a buɗe a ƙirga shafukan kafin a tura. Wanda lokaci ya ƙure masa yana iya tsallake gyaran duka: a wurin Save As ya zaɓi PDF, ya danna Options, ya zaɓi Page(s), ya sa From 1 To 1, ko iya adadin shafukan da ke da rubutu. A wurin bugawa ma akwatin Pages yana karɓar irin wannan iyaka, misali 1-12 a takarda mai shafi 13. Farin shafin yana nan a cikin fayil ɗin Word, amma ba zai shiga PDF ba, firinta kuma ba za ta ja masa takarda ba.